Yatsu shida a hoton amarya: tambayoyi da amsoshi kan hannun da inji ya ɓata

Masu situdiyo da masu haɗa fosta da kalanda a Sakkwato, har da 'yan mata masu gyara hotunan biki a waya, kuka ɗaya suke yi tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo sana'ar. Fuska ta fito tas, shadda tana ƙyalli, sai a duba hannu a tarar da yatsu shida, ko biyu sun manne, ko babban yatsa ya koma ɓangaren da ba nasa ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke a kan allo domin a same su ba wahala.

Me ya sa fuska take fitowa daidai, hannu kuwa ya lalace?

Injin da ke zana hoto bai san ƙashi ba, kuma ba ya ƙirga. Ya koyi zane ne daga miliyoyin hotuna, yana lura da abin da ya saba zuwa kusa da wani abu. A fuska aikin mai sauƙi ne: ido biyu a sama, hanci a tsakiya, baki a ƙasa, kusan a kowane hoto haka suke. Hannu kuwa ƙasusuwa 27 gare shi, 14 daga ciki a yatsu suke, kuma yana dunƙulewa, ya buɗe, ya juya, ya riƙe kofi ko carbi. A wani hoton yatsu biyar ake gani, a wani uku, a wani babban yatsa kaɗai ya leƙo daga hannun babbar riga.

Saboda haka abin da injin ya riƙe da ƙarfi shi ne cewa kusa da yatsa akan sami wani yatsa. Wurin da ya kamata jerin ya tsaya ne bai zauna masa sosai ba. Kowane yatsa idan ka dube shi shi kaɗai sai ka ga ya yi kyau, har da farce da layukan gaɓa, amma jimillar ba daidai ba ce. Ga kuma rubutun da ke tare da hotunan da ya koya daga gare su: akan ce mace ce sanye da mayafi, ba a cewa yatsunta uku ne a bayyane, biyu suna bayan jaka. Dalili na uku, wanda ya fi shafar aikinmu na yau da kullum, shi ne ƙanƙantar hannu a cikin hoto, kuma an ware masa tambaya ta uku.

Ni bayan hoto kawai na canza, ban taɓa hannu ba. Ta yaya ya lalace?

Manhajoji da yawa ba sa gyara wurin da ka nuna su bar sauran. Sukan sake zana hoton gaba ɗaya, suna ƙoƙarin kwaikwayon na asali. Haka waɗanda kake rubuta musu umarni da magana suke yi a lokuta da dama, haka ma masu ƙara wa tsohon hoto kaifi. Ka ce a cire kujerun roba da ke bayan ango a sa labule, sai a dawo maka da hoton da kowane ɗigo nasa sabo ne. Fuska takan tsira da ɗan sauyi kaɗan, hannu da zanen aikin riga su ne suke shan wahala.

Wata hanyar kuma ita ce faɗaɗa hoto. An ɗauki mutum hannunsa ya yanke a gefen hoto, ka ce a ƙara fili don ya cika firam, dole injin ya ƙirƙiro ragowar hannun daga babu. Idan matsalarka irin ta farko ce, ka yi sa'a, domin hannun gaskiya yana nan a hoton asali. Je ka tambaya ta shida kai tsaye.

Ana cewa girman hannu a cikin hoto ne matsalar. Yaya abin yake?

Wannan ita ce maganar da duk wanda ya gane ta, rabin wahalarsa ta ƙare. Injuna irin su Stable Diffusion ba sa aiki a kan fiksel ɗin hoto kai tsaye. Sukan matse hoton sau takwas a tsawo, sau takwas a faɗi, su yi zanen a wannan ƙaramin fili, sannan su buɗe shi. Hoto mai fiksel 512 a kowane gefe yakan koma gida 64 a kowane gefe ke nan.

A ɗauki hoton waya mai faɗin 3000 da tsawon 4000, amarya a tsaye tun daga ɗankwali har takalmi. Hannunta bai wuce fiksel 240 ba. Idan manhaja ta rage tsawon hoton zuwa 1024 kafin ta fara aiki, hannun ya koma fiksel 61. A raba da takwas, gida takwas ma bai cika ba. A cikin wannan ɗan wuri ake son yatsu huɗu da ratar da ke tsakaninsu da farce da zobe da zanen lalle. Kamar a ba mai ɗinkin hula wuri mai faɗin zare takwas ne a ce ya fitar da fure mai ganye biyar: iyawarsa ba za ta ƙara masa fili ba. Shi ya sa hoton rabin jiki yakan fi na cikakken tsayi kyawun hannu, hoton taron 'yan uwa ranar sallah kuma ya fi kowanne lalacewa. Maganin shi ne a ware hannun a ba shi fili nasa, kamar yadda aka nuna a tambaya ta bakwai.

Ta yaya zan gane hannu ya lalace kafin in kai wurin bugawa?

Kada ka yarda da ganin allon waya. Ka zuƙo hannun har ya cika allo, ka ƙirga yatsun da bakinka, ɗaya bayan ɗaya, domin ido yakan cike giɓi da kansa idan ya saba da hoto. Bayan ƙirga sai ka bi kowane yatsa daga farce har inda ya shiga tafin hannu. Sau da yawa adadin daidai ne, amma wani yatsa ya tsiro daga jikin ɗan uwansa, ko ya narke cikin zani. Babban yatsa gaɓa biyu gare shi, sauran huɗun uku-uku. Na tsakiya ya fi tsawo, ƙaramin kuma kansa yakan tsaya wajen gaɓar ƙarshe ta yatsan zobe.

Akwai kuskuren da ya fi yatsa na shida wuyar kamawa, wato hannun hagu a kan damtsen dama. Komai ya cika, amma mai kallo yana jin wani abu bai zauna ba. Hanyar gane shi ita ce ka ɗaga naka hannun ka yi irin wannan riƙon, ka duba ta ina babban yatsanka ya faɗo. Ka kuma gwada girman hannun da fuska: daga wuyan hannu zuwa kan yatsan tsakiya yakan yi kusan daga haɓa zuwa goshi, sai dai idan an miƙo hannun kusa da kyamara.

Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: akwai mutanen da Allah ya halitta da cindo, akwai wanda ya rasa yatsa a wurin aiki ko haɗari. Ka kwatanta da hoton asali kafin ka taɓa komai, kuma kada ka cire wa mutum abin da yake jikinsa sai shi ya nema.

Idan na rubuta wa injin cewa yatsu biyar nake so, ba zai gyara ba?

Yakan ɗan taimaka, amma ba a dogara da shi. Tsofaffin injuna ba sa riƙe adadi da kyau daga rubutu, kuma dogon jerin kalmomin hani da ake kwafa daga intanet bai cika canza komai a hannu ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka faɗi abin da hannun yake yi da ɓangaren da ake gani, a gajarce, kamar haka:

```
right hand resting on fabric, back of hand visible, relaxed fingers
```

Ko da wannan, rubutu shi ne mafi raunin abin da za ka ba injin. Siffar da ya gani da idonsa a cikin hoton ta fi kowace jimla ƙarfi a wurinsa.

Wace hanya ce ta fi sauƙi kuma ta fi tabbas?

Dawo da hannun mai hoton na gaskiya. A ganina duk wanda yake da hoton asali ya tsaya yana roƙon inji ya zana sabon hannu, ɓata data da lokacinsa yake yi. Ka buɗe hoton da aka gyara a Photoshop, ko a Photopea wanda yake aiki kyauta a burauza. Ka ɗora hoton asali a samansa a matsayin leya ta biyu. Ka rage `Opacity` zuwa 50 don ka ga duka biyun, ka matsa na saman har wuyan hannu da bakin hannun riga su hau kan juna, sannan ka mayar da shi 100.

Daga nan ka sa wa leyar sama `Layer Mask`, ka cika shi da baƙi, hoton asalin zai ɓace gaba ɗaya. Ka ɗauki buroshi fari mai laushin baki ka shafa a kan hannun kaɗai. Inda ka shafa, nan hannun gaskiya zai bayyana, da lallensa da zobensa yadda suke. Ka yi ƙoƙari mahaɗar ta faɗa a wurin da ido ba zai kama ba, kamar bakin hannun riga, ƙarƙashin agogo ko awarwaro. Tsakanin yatsu ne aikin yake buƙatar haƙuri, domin tsohon bayan hoto yakan leƙo ta nan. Ka rage girman buroshi, ka koma baƙi, ka goge shi a hankali.

Wannan ya sa ajiye hoton asali ya zama wajibi. Kuma ka ce wa mai hoto ya turo shi ta WhatsApp a matsayin `Document`, domin turawar da aka saba tana matse hoto, hannun ya zo a dushe tun kafin a fara aiki.

To idan wani ɓangaren hannun babu shi a hoton asali fa?

Ga misali irin wanda ake yawan kawowa. An ɗauki amarya ranar walima a wani gida a Mabera, tana riƙe da waya a hannun dama, a kan cikinta. Iyayenta suna son a yi babban firam, sun ce a cire wayar. An cire, sai injin ya cike wurin da yatsu shida, lallen ya zama kamar tabon tawada. Bayan hannun da babban yatsa suna nan a hoton asali, amma wani sashe na yatsun wayar ta rufe shi, ba a taɓa ɗaukarsa ba.

Da farko a dawo da duk abin da yake na gaskiya ta hanyar tambaya ta shida. Sai a gyara siffar da hannu, ko da zanen bai yi kyau ba: a ɗebo launin lesh ɗin da ke kusa a shafe yatsan da ya ƙaru, a ɗebo launin fatarta a ja kan yatsun da suka ɓace zuwa tsawon da ya dace, a ja siririn layi mai duhu tsakanin kowane biyu. Zai yi kama da zanen yaro, kuma ba komai. Abin da ake so shi ne injin ya tarar da yatsu huɗu a wurin. Sannan a kai hoton sashen `Inpaint` na AUTOMATIC1111, wato manhajar da ake sarrafa Stable Diffusion da ita a kwamfuta, a shafe yatsun kaɗai tare da ɗan gefensu da buroshi don nuna wa injin wurin da zai sake zanawa, a bar bayan hannu mai lalle a waje. Ga saitin da za a fara da shi idan injin SDXL ne, wato wani nau'in Stable Diffusion:

```
Masked content: original
Inpaint area: Only masked
Only masked padding, pixels: 64
Mask blur: 8
Denoising strength: 0.45
Width 1024, Height 1024
Batch count: 4
```

`Only masked` shi ne zuciyar aikin. Yakan yanko wurin da aka shafe tare da gefen fiksel 64, ya buɗe shi zuwa 1024, ya yi zanen, sannan ya rage shi ya mayar wurinsa. Ko da hannun duka aka shafe, yankin zai zama kusan 368, hannun ya kai fiksel 668, wato gida sama da 80 a maimakon takwas ɗin da aka lissafa a tambaya ta uku. Gefen da aka bari kuma shi ke nuna wa injin wuyan hannu da lesh, don ya san inda hannun ya dosa. Daga cikin huɗun da suka fito a zaɓi wanda siffarsa ta fi daidai, a sake bi ta kansa da `Denoising strength` na 0.3 don fata ta daidaita.

A Photoshop dabarar ita ce dai. `Generative Fill` yana ba da zaɓi uku a kowane gwaji, kuma ƙaramin zaɓe a kan yatsa ɗaya ko biyu ya fi fitar da kaifi a kan zaɓen rabin jiki.

Wace lamba zan sa a `Denoising strength`? Nawa ko dai ba ya canzawa, ko ya canza duka.

Wannan lambar tana nuna yawan 'yancin da ka ba injin. Ƙasa da 0.3 kusan fata kawai yake gogewa, yatsu shida za su dawo shida, sai dai sun fi kyau. Tsakanin 0.4 da 0.55 yana bin siffar da ya tarar yana mayar da ita ta gaske, kuma nan ne zanen da ka yi da hannu yake amfani. Daga 0.75 zuwa sama ya manta da abin da ke wurin, sabon hannu zai ƙirƙiro, wataƙila da sabon kuskure. Lambobin suna ɗan motsawa daga inji zuwa inji, amma tsarin ɗaya ne. Idan ka ga sai ka haura sama sosai kafin wani abu ya canza, alama ce siffar da ke ƙasa ce ba daidai ba. Ka koma ka gyara ta da buroshi.

Ban iya zane ba ko kaɗan. Akwai wata dabara?

Akwai, kuma ta fi zane. Ka sami wani mai irin jikin mai hoton ya yi wannan riƙon, ka ɗauki hannunsa daga kusurwa ɗaya, haske yana zuwa ta ɓangare ɗaya da na hoton. Ka yanko hannun ka ɗora, ka daidaita girma, sannan ka bi ta kansa da 0.35 zuwa 0.45. Idan ɗaya hannun mai hoton ya fito sosai, kana iya kwafarsa ka juya shi da `Flip Horizontal`, amma ka tuna haske da zobe da agogo duk za su juya tare da shi.

Masu kwamfuta mai ƙarfi suna da ControlNet, wanda ya fito a 2023. Yana ba injin taswirar da zai bi. Nau'in `openpose` mai hannu yana sa ɗigo 21 a kan gaɓoɓin kowane hannu, nau'in `depth` kuma yana nuna abin da ke gaba da abin da ke baya, wanda ya fi amfani idan yatsu sun hau kan juna. Sai dai a ciro taswirar daga hoton hannu mai kyau. Idan daga lalataccen aka ciro ta, kuskuren za ta koya wa injin.

Lalle da zobba fa? Kullum su ne suke fara lalacewa.

Lalle zane ne mai siraran layuka a kan abin da dama yake ba injin wuya, kuma amarya ta san zanenta. Ta zauna awanni ana yi mata, ƙawayenta sun ɗauka a waya, ba za ta kasa gane an canza shi ba. Jan lallen da ake ƙunsawa a kan yatsu ma injin yakan ɗauke shi a matsayin inuwa ko datti ya goge, ko ya mayar da shi jan farce.

Don haka kada ka bar lalle cikin wurin da ka shafe idan akwai yadda za a kauce. Inda ya zama dole, ka gyara siffar hannun tukuna babu lalle, sannan ka kwafo zanen daga hoton asali ko wani hoton na ranar, ka ɗora a sabuwar leya, ka sa ta a `Multiply`, ka lanƙwasa shi da `Warp` ya bi yatsan. Zobe kuma a yanko na gaskiya a mayar, tare da 'yar inuwar da ke ƙarƙashinsa.

Siffar ta yi daidai, amma hannun ya fi fuska haske, kuma ya yi santsi kamar roba.

Injuna sukan ja fata zuwa haske da santsi, abin kuma ya fi fitowa a baƙar fata. Ka sa `Curves` a kan leyar hannun kaɗai ta hanyar `Create Clipping Mask`, ka rage haske har ya yi daidai da damtse ko ɗaya hannun. Kada ka auna da fuskar amarya, domin kwalliya ta canza launinta. Ka tuna tafin hannu ya fi bayansa haske, gaɓoɓin yatsu kuma sun fi duhu kaɗan, inji kuwa yakan shafe wannan bambanci. A ƙarshe ka ƙara `Add Noise` kaɗan, kashi 1 zuwa 2, don sabon wurin ya yi irin ƙwayar sauran hoton.

Waya kawai gare ni, ba ni da kwamfuta. Zan iya?

Za ki iya mafi yawansa. A PicsArt akwai `Add Photo` da abin gogewa, wanda ya isa a dawo da hannun asali kamar yadda aka bayyana a tambaya ta shida. Dabarar `Only masked` kuma ana yin ta da hannu: ki yanko murabba'in da ke ɗauke da hannun da ɗan wuyan hannu, ki ajiye shi a matsayin hoto daban, ki gyara shi a manhajar da kike amfani da ita, sannan ki ɗora shi a kan babban hoton ki goge gefensa. Tunda hannun ne ya cika hoton da kika ba ta, fili duka nasa ne.

Musabaha da riƙon carbi sun gagare ni. Yaushe ya kamata in haƙura?

Hannu biyu a haɗe shi ne mafi wuya, domin yatsu goma ne masu kusan launi ɗaya, injin bai san na wane ne wannan ba. Hotunan musabaha da ake sawa a fostar taya murna suna yawan faɗawa nan, haka carbi mai ratsawa tsakanin yatsu, da hannuwan da aka ɗaga ana addu'a. Idan ba ka da hoton gaskiya da za ka ɗora, kuma ka gyara siffa ka gwada zagaye biyu ko uku abin bai zauna ba, ka canza hanya. Ka yanke hoton daga ƙirji zuwa sama, ko ka bar rubutun fostar ya sauka a wurin, ko ka ja hannun babbar riga ko gefen mayafi ya rufe yatsun, tunda yadi ya fi hannu sauƙin zanawa nesa ba kusa ba. Idan mai hoton yana cikin gari, kiransa ya zo a sake ɗauka ya fi araha a kan a buga firam ya dawo da shi.

Sabbin manhajoji ba su magance wannan ba?

Sun rage shi ƙwarai. Tun daga Midjourney na biyar a watan Maris 2023, sai SDXL shi ma a 2023, da Flux a 2024, hannu ɗaya a buɗe kusa da kyamara yakan fito daidai a mafi yawan lokuta. Abin da ya rage shi ne ƙananan hannuwa a hoton taro, da hannun da ke riƙe da wani abu, da hannu biyu a haɗe. Ga kuma abin da ya shafi masu gyaran hoton mutane na gaske: sabon inji yana iya zana hannu mai yatsu biyar cif, mai kyau, amma ba hannun Hajiya ba ne, zobenta ya canza, tabon da 'ya'yanta suka sani ya ɓace. Don haka ko da sabuwar manhaja kake aiki, ka buɗe hoton asali a gefe, ka bi matakan dubawa na tambaya ta huɗu a kan kowane hannu kafin ka tura wa mai bugawa.